Iyaye mata sun ce gudawa ta ragu, hakan ya isa hujja?

"Mun raba sinadarin kulorin da sabulu a wasu ƙauyuka. Bayan wata shida iyaye mata suka ce gudawar yara ta ragu sosai. Zan iya rubuta cewa aikinmu ne ya jawo?"

Malam, a gaskiya bai isa ba tukuna. Gudawa tana hawa da sauka da yanayi, to idan da damina kuka fara tambaya kuka sake da rani, tana iya raguwa ko ba ku raba komai ba. Sai kun kwatanta da ƙauyukan da ba a raba wa ba, a lokaci guda, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi waɗanda za su samu.

Abin da ya fi damuna shi ne kara. Uwar da ka ba sabulu kyauta da wuya ta ce maka ɗanta bai samu sauƙi ba. A Odisha ta Indiya an raba ƙwayoyin kulorin na gaske da na bogi ba tare da iyalai sun san wanne suka samu ba, kuma ba a ga bambanci a gudawar yara ba.

Saboda haka ku taƙaita tambaya ga kwana 7 da suka wuce, masu tambayar kada su zama masu rabon. Ku riƙa kai ziyarar ba-zata kuna auna ragowar kulorin a ruwan randa. In babu, mai yiwuwa ba a sawa ke nan.