Aron ɗan wasa: sharuɗɗan da za a duba kafin yaro ya sa hannu

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa: "Ɗan ƙanena mai shekara 19 ya sa hannu da wata ƙungiya a Turai na shekara uku. Bai yi wata biyu ba suka ce za su ba da aronsa ga ƙungiyar rukuni na biyu, wai da zaɓin saye. Gajiya suka yi da shi ne? Me ya kamata mu duba a takardar?"

Alhaji, ka kwantar da hankalin gida. Ƙungiyar da ta gaji da yaro sallamarsa take yi ko ta sayar, ba ta riƙe shi da kwantiragin shekara uku. Matsalar ita ce mai shekara 19 ya wuce wasan matasa, amma koci ba zai ajiye gogaggen ɗan wasa ya sa shi ba, domin kocin ma aikinsa yake karewa. Atisaye ba ya koya wa yaro abin da minti casa'in a gaban 'yan kallo ke koya masa, kuma wanda ya shekara a benci darajarsa faɗuwa take yi. Samuel Eto'o kansa, da ya je Real Madrid, aronsa aka bayar ga Leganés a 1997, daga baya Espanyol, sannan Mallorca a 2000, wadda ta saye shi. Zambo Anguissa, da ya taɓa buga wa Coton Sport ta Garwa, aro ya kai shi Napoli daga Fulham a 2021, aka saye shi a 2022, ya ci gasar Serie A ta Italiya da su a 2023.

Dokar FIFA da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2022 ta ce dole aron ya kasance a rubuce, kada ya wuce shekara ɗaya, kada kuma ya gaza tsakanin buɗewar kasuwar 'yan wasa da ta gaba. Ƙungiyar da ta ara ba ta da ikon ta sake ara wa wata. Daga Yulin 2024 ba a yarda ƙungiya ta kasance da fiye da 'yan wasa shida a aro a ƙasashen waje lokaci guda ba, in ban da yaran da ba su wuce 21 ba waɗanda kuma ita ta rene su kaka uku. Ɗanku sabon zuwa ne, don haka in wata ƙasa za a kai shi, ɗaya daga guraben nan shida aka ba shi, kuma ba a ɓata irin wannan gurbi a kan wanda aka yanke wa ƙauna.

Takardu biyu ne, ku nemi ganin duka biyun. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin, akwai kuma sabon kwantiragi tsakanin yaron da ƙungiyar da za ta karɓe shi. Ba a ba da aro sai da yardarsa. Abin da iyalai da yawa ba su sani ba shi ne, muddin aron na tafiya, haƙƙoƙin da ke cikin kwantiraginsa na asali a dakace suke, sai dai in an rubuta akasin haka. Mu ɗauka albashinsa yuro 3,000 ne a wata, wato kusan sefa miliyan biyu. Ƙaramar ƙungiyar ta ce 1,800 take iya biya, uwar ƙungiya ta ce da baki za ta cika 1,200. In ba a rubuta cikon nan ba, da ranar biyansa, yaro zai tashi da 1,800 kuma ba shi da takardar da zai kai ƙara da ita. Haka batun gida, tikitin jirgi da kuɗin jinya: a rubuta wa zai yi masa aiki in gwiwa ta samu matsala, kuma a asibitin wa.

Yanzu ga zaɓin sayen. Ma'anarsa an tsayar da farashi tun yau, a ce yuro 500,000, kimanin sefa miliyan 328, tare da ranar da zaɓin zai mutu, misali ƙarshen watan Mayu. In ya yi ƙoƙari, masu aron za su biya wannan kuɗin ko da darajarsa ta ninka, kuma uwar ƙungiya ba ta iya hanawa. In bai yi ba, ya koma uwar ƙungiyarsa ba wanda ya bi wani bashi. Wajabcin saye daban ne: ciniki ne da aka riga aka ƙulla, aka jinkirta biya, ko aka rataya shi a kan sharaɗi, kamar buga wasa 20 ko hawan ƙungiyar zuwa rukuni na ɗaya. Nan ne nake so ku buɗe ido sosai. Ƙungiyar da aljihunta ya yi rauni tana iya barin yaro ya buga wasa 19, sai a wayi gari ba ya ko cikin 'yan benci alhali lafiyarsa lau. In ka ga ɗan wasan aro yana haskakawa sannan ya ɓace ana dab da ƙarshen kaka, sau da yawa lissafin nan ne. Ku tambayi kuma me ake ƙirgawa a matsayin wasa: shiga fili ko na minti biyar ne, ko sai ya yi minti 45?

Ko da an biya kuɗin zaɓin, yaron ba ya zama nasu sai ya amince da kwantiragin dindindin. Shi ya sa masu aro kan kawo wannan kwantiragin tun ranar farko su ce a sa hannu gaba ɗaya. Albashin da ke ciki shi zai ci na shekara uku ko huɗu, saboda haka a yi cinikinsa kamar an riga an saye shi, kada a ce sai lokacin ya zo.

Sharaɗin da ya fi kare shi a ganina shi ne na janyewa, wanda ke ba uwar ƙungiya damar dawo da shi a kasuwar watan Janairu in ba a sa shi a wasa. Amma akwai tarko. A kaka ɗaya ɗan wasa yana iya rajista da ƙungiyoyi uku, sai dai biyu kacal zai buga wa wasan gasa. In uwar ƙungiya ta sa shi ko na minti goma a watan Agusta, ya tafi aro ya buga, to a Janairu ba ya iya zuwa aro na biyu ya taka leda, in dai kakar ƙungiyoyin ta zo ɗaya. Wasu ƙungiyoyin kan sa kuɗin aro ya riƙa raguwa gwargwadon yawan wasan da yaro ya buga, don su ja hankalin masu aro. Wannan yana taimakawa, amma babu takardar da ke tilasta wa koci ya sa ɗan wasa. Shi ya sa tambayoyin da suka fi takarda nauyi su ne: 'yan wasa nawa ke gurbinsa a can, kocin ne ya nemi shi ko shugabanni ne suka ɗauko, kuma kocin kansa kujerarsa na da ƙarfi?

Akwai rabon da ya shafi gida Kamaru. Kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aro ko na saye, in cinikin ya haɗa da ƙetare ƙasa ko an rene shi a wata ƙasa, na ƙungiyoyin da suka horar da shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 17 tana da kashi 2 cikin ɗari, wato yuro 10,000 daga 500,000 ɗin nan, sefa miliyan shida da rabi. Ana bin tarihin rajistarsa ne wajen biya, don haka shugabannin ƙungiyarsa ta yarinta su duba a FECAFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, ko shekarun da ya yi da lasisinsu duk suna rubuce kafin a kai ga ranar saye.