Zan Sake Fenti Da Kafa Kanta A Gidan Haya: Wace Takarda Zan Nema Daga Mai Gida?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina haya a Kubwa, Abuja, gida mai ɗaki biyu da falo, kuma shekara-shekara nake biya. Fentin bangon ruwan madara ne, ya dafe tun kafin na shiga. Ina so in sake shi da shuɗi mai haske, in kuma kafa kantoci uku a kicin, biyu a ɗakin yara. Mai kula da gidan ya ce mini babu komai, in yi. Amma takardar hayarmu ta ce kada a sauya komai a gidan sai da izinin mai gida a rubuce, kuma da zan shiga na ajiye naira 150,000 kuɗin ɓarna. Na yi niyyar rubuta wa mai gidan cewa zan mayar da komai yadda na same shi ranar da zan tashi. Hakan ya wadatar? Daga wata mai karatu a Kubwa.

Amsa: Malama, kin yi daidai da ba ki kira mai fenti a kan maganar baki ba. Sai dai alƙawarin da kike shirin rubutawa, a yadda kika tsara shi, zai iya cutar da ke fiye da yadda zai kare ki, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Mu fara da inda kike a doka. Tunda takardar da kika sa wa hannu ta ce sai da izini a rubuce, ita ce za a fara buɗewa idan rigima ta taso. "Babu komai" ɗin da mai kula da gida ya faɗa bai cika wannan sharaɗi ba. Ba a rubuce yake ba, sannan wanda aka ɗora wa karɓar kuɗin haya da kiran mai gyaran famfo ba lallai ne an ba shi ikon yarda a huda bango ba. Irin waɗannan mutane ana sauya su, kuma wanda zai zo bayansa zai ce miki shi bai san da zancen ba. Idan kika yi aikin haka nan, kin saɓa yarjejeniya. Wannan ba ya ba mai gida damar cire miki ƙofa ko fitar da kayanki waje, domin korar ɗan haya sai an ba shi notis an bi ta kotu. Amma zai iya neman diyya, zai iya riƙe kuɗin ajiyarki, kuma zai iya ƙin sabunta miki haya idan shekara ta zagayo.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa rubutun yake da nauyi. Dokar karɓe gida daga hannun ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja ta yarda ɗan haya ya nemi diyyar gyaran da ya ƙara wa gida daraja, idan amfanin gyaran bai ƙare ba a lokacin da zai tashi, amma ta ɗaure wannan da sharaɗi: sai in ya samu amincewar mai gida a rubuce kafin ya yi aikin. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma haka ta tafi, ta hana ɗan haya sauya ko ƙara wani abu ba tare da rubutaccen izini ba. Izinin da aka samu bayan an gama aiki ba shi da wannan ƙarfin. Saboda haka ranar da ke kan takardar dole ta riga ranar da mai fenti ya buɗe bokiti.

Yanzu ga jimlar nan, "zan mayar da komai yadda na same shi." Yaya kika same shi? Ke kin san bangon ya dafe. Mai gida kuwa, bayan shekara uku ko huɗu, abin da zai tuna shi ne ya ba ki gida fes. A ƙa'ida ɗan haya ba ya biyan tsufan da zama na yau da kullum ke jawowa, kamar dishewar fenti ko gogewar da kujera ta yi wa bango. Alƙawari mai faɗi irin naki yana iya sa a ce kin ɗauki wannan nauyin da kanki. Na ga inda ɗan haya ya fenta falo kaɗai, amma da zai tashi aka kawo masa lissafin fentin gidan gaba ɗaya har da silin da bangon waje, aka nuna masa rubutun hannunsa.

Ki ɗauka ranar tashinki ta zo. Idan takardarki ta bayyana cewa falo da ɗakin yara kawai aka sauya wa fenti, abin da ke kanki shi ne fentin ɗakuna biyu da cike ramukan kantoci biyar. Kowace kanta mai ƙafa biyu takan ci huda huɗu zuwa shida, wato ramuka ashirin zuwa talatin ke nan, aikin da mai fenti zai cike ya goge ya shafe a yini guda. Idan kuwa takardar ba ta faɗi komai ba, mai gida zai kira mai fentinsa, ya yi masa lissafin ɗakuna duka, ya ce naira 150,000 ɗinki ba ta ma isa ba, kawo ciko. A nan ke ce za ki koma kina neman hujja, kuɗin kuma yana hannunsa.

Maganin wannan shi ne ki ɗauki hoto da bidiyon kowane bango kafin a taɓa shi, da rana, a ga inda ya dafe, inda ya tsage, da inda danshi ya kumburo fenti. Ki aika wa mai gida hotunan tare da wasiƙar, ki ambace su a cikinta. Wurin danshin nan ki kula da shi sosai. Idan ruwa na tsatsowa daga banɗaki ko daga ƙasa, sabon fenti zai ɓare cikin 'yan watanni, kuma in ba ki nuna tun farko cewa matsalar ta riga ki ba, za a ce mai fentinki ne ya ɓata bango. Irin fentin ma a rubuta shi. Fentin ruwa mai haske yana rufuwa da shafa biyu. Fentin mai, ko launi mai duhu, ko fenti mai gurza-gurza, sai an kankare ko an yi ta maimaita shafa kafin ya ɓace, kuma a nan ne kuɗin mayarwa ke ninkawa.

Kanta kuma hukuncinta daban ne da na fenti. Asalin ƙa'ida shi ne abin da aka kafe a jikin gini ya zama na ginin. Amma an yi wa ɗan haya sassauci: abin da ya kafa don amfanin zamansa ko don ado, yana da damar cire shi kafin hayarsa ta ƙare, muddin cirewar ba za ta yi wa ginin babbar illa ba, kuma ya gyara inda ya huda. Kantar katako da aka ɗaure da sukuru ta shiga wannan sassauci. Kantar siminti da aka gina a jikin bango ba ta shiga ba, ta zama ta mai gida. Kuma idan kika miƙa makulli kantocin suna nan, kada ki sa ran dawowa ki cire su daga baya. A kicin ina ba ki shawara kada a huda tayil. Ramin filasta ana cike shi ya ɓace, amma tayil ɗin da ya fashe sai an sauya, kuma samun irinsa bayan shekaru abu ne mai wuya. Ki gaya wa kafinta ya kauce wa layin da ke saman soket da makunnin wuta da na famfo, domin nan wayoyi da bututu suke bi. Bututun da aka huda ɓarna ce da izinin kafa kanta ba zai ɗauke miki ba.

Ga yadda zan so wasiƙar ta kasance, bayan gaisuwa da kwanan wata da adireshin gidan:

"Ranka ya daɗe, ina neman izininka a rubuce, kamar yadda takardar hayarmu ta tanada, don in sake fentin falo da ɗakin yara da fentin ruwa, launin shuɗi mai haske, in kuma kafa kantocin katako uku a kicin da biyu a ɗakin yara, waɗanda za a ɗaure da sukuru ba tare da huda tayil ba. Ni zan biya kuɗin aikin. Na haɗa da hotunan bangon yadda yake a yau. Kantocin mallakina ne. Kafin in miƙa makulli zan cire su, in cike ramukan, in mayar da waɗannan ɗakuna biyu zuwa launin ruwan madara da fentin ruwa. Wannan alƙawari bai shafi sauran ɗakuna ba, bai shafi tsufan da zama ke jawowa ba, haka nan bai shafi tsagewa da danshin da ke cikin hotunan ba. Idan ka fi son a bar fentin ko kantocin, ka sanar da ni a rubuce wata guda kafin tashina, mu daidaita a kan kuɗin kantocin. Za mu duba gidan tare ranar miƙa makulli, kuma idan na cika abin da ke sama ba za a cire komai daga kuɗin ajiyata saboda wannan aiki ba."

A ƙasa ki bar wurin da zai rubuta "na amince", ya sa hannu da kwanan wata. Ki yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Idan dillali ko lauyan mai gida ne zai sa hannu, ya rubuta cewa a madadin mai gida yake yi. Amsar da ya turo ta WhatsApp ma kotu na iya karɓarta a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, amma akwai sharuɗɗan da za a cika kafin a karɓa, ga shi waya na ɓata. Ki riƙe saƙon a matsayin ƙari, takarda mai sa hannu ita ce jigo.

Ki lura da abu ɗaya da kike sadaukarwa. Tunda kin ce za ki mayar da bangon launinsa na da, ba ki da bakin neman diyyar fentin daga baya. Tunda kuwa bangon ya dafe tun kafin ki shiga, kina da wata hanyar da ni na fi so: ki nemi mai gida ya zaɓi launin tare da ke, a rubuta cewa fentin zai zauna, babu mayarwa. Ya samu sabon fenti, ke kuma kin huta da biya sau biyu. Wasu masu gidan ma sukan yarda a cire rabin kuɗin daga hayar shekara mai zuwa. Idan ya yarda da haka, a rubuta adadin, ki ajiye rasit, kuma kada ki cire ko sisi daga kuɗin haya da kanki ba tare da wannan rubutu ba, don za a lissafa shi bashin haya ne a kanki.

Idan ya yi shiru, shirunsa ba izini ba ne, ki sake tuntuɓarsa. Idan ya ƙi, ki duba ko takardar hayar ta ce ba zai hana izini ba sai da dalili mai ma'ana. In babu wannan sharaɗi, ba ki da hanyar tilasta masa. Sai ki sa kafinta ya yi miki kanta mai tsayawa da ƙafarta, wadda ba ta buƙatar izinin kowa, maganar fenti kuma ki ɗaga ta zuwa lokacin sabunta haya, lokacin da kuɗin shekara ke hannunki kuma kunnensa ya fi buɗewa.