Kalangu ya nutse a ƙarƙashin fiyano

"Maigida, na ɗauki kalangu da ƙwarya na ɗora a kan kiɗan fiyano. Kowanne shi kaɗai zaƙi gare shi, amma da na haɗa su sai kalangun ya nutse, ƙwaryar kuma ba a jin komai sai ƙas-ƙas. Na ƙara musu murya, abin sai ƙara cakuɗewa yake yi."

Yarona, sauke hannunka daga ƙarin murya tukuna. Ka riga ka cika ɗaki da fiyano sannan ka kira makaɗi, shi ya sa bai sami wurin zama ba. Na'ura ana iya matsar da ita duk inda aka so, fata da tsirkiya kuwa iyakarsu ke nan, don haka da su ake farawa.

Kashe komai ka bar kalangu shi kaɗai. Nemi muryarsa ta ƙasa, lokacin da makaɗi ya saki hammata, da ta sama, lokacin da ya matse tsirkiya, ka laluba su a kan fiyano. A ce ka same su kusa da maɓallan D3 da A3, wato 147 Hz da 220 Hz a ma'aunin kaurin murya. To duk maganar da kalangun nan zai yi, tsakanin nan take hawa da sauka, kuma waƙarka a kan D za ta zauna, ko da ka riga ka shirya ta a kan wani abu dabam.

Yanzu dubi bes ɗinka, wato sautin nan mai kauri da ke riƙe ƙasan kiɗa. In kana danna D2, muryarsa 73 Hz ce, kai kana ganin ai tana can ƙasa, ba ruwanta da kalangu. Amma in bes ɗin da sautin `saw` mai kaushi yake fita, ba shi kaɗai yake tafe ba, yana ɗauke da ninkinsa: ninki biyu 147, ninki uku 220. Ka ga daidai inda kalangu yake magana ke nan. Mayar da bes ɗin `sine`, sautin da ba ya ɗauke da ninki, ko ka sa masa `low-pass` a wajen 120 Hz, ya tace abin da ke sama da nan. Shimfiɗar fiyanon nan da kake riƙewa da yatsu huɗu kuma ka ɗaga ta sama, ka yanke mata abin da ke ƙasa da 300 Hz, kuma duk inda kalangu yake kirari ka bar ta da D da A kawai. Muryar kalangu zamewa take yi, tana ratsa tsakanin maɓallai, in ka cika wurin da sautuka tsayayyu sai kunne ya ɗauka kalangun ne ya karkace. Kada kuma ka kuskura ka sa masa abin daidaita murya da ake sa wa mawaƙa. Wannan zamiyar ita ce Hausar da yake yi, in ka miƙe ta mai sauraro ba zai gane kirarin wa ake yi ba.

Ita ƙwarya murya biyu gare ta: dum ɗin dunƙulen hannu da ƙas ɗin zobe ko tsinke. Dum ɗin wuri ɗaya yake zama da kik, wato dum ɗin gangar na'ura, kuma in suka faɗi tare da ɗan saɓani, maimakon su ƙarfafa juna sai su cinye juna. Gwada ka gani: kashe kik. In nauyin ƙwaryar ya dawo, ka kama ɓarawo. Zaɓi ɗaya ya riƙe ƙasa. Ni nakan bar wa ƙwarya, in cire kik gaba ɗaya a baitoci, sai amshi ya zo in dawo da shi, a nan kuma in yanke wa ƙwarya abin da ke ƙasa da 100 Hz.

Saura taku, wanda shi ya fi ba yaran situdiyo wahala. A 100 BPM, wato bugu ɗari a minti, kowane bugu 600 ms ne, ms kuwa ɗaya ne bisa dubu na daƙiƙa. In mai ƙwarya yana raba shi uku, 200 ms ke tsakanin ƙas da ƙas. Fiyanonka kuwa in yana gudu a kan `1/16`, huɗu yake rabawa, 150 ms ke nan, ba za su haɗu ba sai a farkon kowane bugu. Wannan ita ce cakuɗewar da kake ji. Mayar da fiyanon `1/8T`, shi ma ya riƙa raba bugu uku. Kada ka ja ƙwarya zuwa layukan allo da `quantize`, domin ɗan jinkirin da hannu yake yi da gangan ne. Inda suka saɓa sosai, fiyanon za ka matsar ya bi ta.

In ka gama, mayar da sautin `mono`, wato hagu da dama su zama ɗaya, ka rage murya ƙasa-ƙasa, ka kira wani daga waje wanda bai ji aikin ba, ka tambaye shi me kalangun yake cewa. In ya yi shiru, koma kan shimfiɗar fiyano ka ƙara rage ta, sannan ka kawo mini in saurara.