Android Auto na ta katsewa a mota, kebul ko wayales?

Tambaya: Salam malam, in na hada wayata da sikirin din mota da manhajar Android Auto ta wayales sai na yi nisa da tafiya ya dauke, in kuma na sa kebul da na fada gargada sai ya yanke. Wanne ya fi, kuma ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam dan uwa. Matsala biyu ce gare ka ba daya ba, lokacin da kowacce ke faruwa shi ne ya tona ta.

Ta kebul din mai sauki ce. Tunda sai an girgiza yake yankewa, to bakin kebul ne ke motsi a ramin caji. Ka faka motar, ka jona, ka dan taba kan kebul din da yatsa, in hoton ya dauke to ka kama barawon. Haska ramin da tocila, sau da yawa za ka ga kura da zaren aljihu sun dankare a can ciki suna hana kan shiga har karshe. Kashe wayar ka sakace a hankali da tsinken sakace, banda allura. Sannan ka nemi kebul mai daukar data wanda bai wuce mita 1 ba, dan wasu caji kawai suka iya.

Wayales kuwa mutane na dauka Bluetooth ne ke aikin, alhali shi gaisuwar farko kawai yake hadawa sai ya mika wa Wi-Fi na 5GHz, shi ke dakon hoton da sautin. To ka duba aikin da wayar ke sha, ga GPS ga data ga Wi-Fi tana ta tura hoto ba hutu, wani ma ya dora ta kan cajar wayales rana na dukanta ta gilashi, dole ta dau zafi, in ta yi zafi kuma da kanta take rage karfi sai hadin ya fadi. Shi ya sa naka ba ya yankewa da farko sai an yi nisa. In ya sake yi ka taba bayanta nan take. In ta yi zau, cire mata kwaba ka ajiye ta gaban iskar AC.

In ko da sanyinta, to tsimin batir ne ke kashe manhajar a boye. Shiga `Settings > Apps > Android Auto > Battery` ka zabi `Unrestricted`, sunayen kan dan bambanta daga waya zuwa waya. Ka kashe VPN da hotspot ma, suna yawan rigima da Wi-Fi din motar. Amma in kullum a wuri daya yake daukewa, wannan cunkoson sigina ne a wurin, babu saitin da zai gyara shi.

Ni dai a doguwar tafiya kebul nake ba da shawara, wayar na caji kuma zafin bai kai na wayales ba. Wayales ka bar shi wa gajeren zuwa da dawowa.