Filta ta maƙale a kan 49, kuma tana tsalle zuwa kishiya

Tambaya: Salamun alaikum 'yan'uwa. Ina da filta mai komawa baya mai mataki ɗaya, `y[n] = a*y[n-1] + x[n]`, a tsarin `Q15`, da `a = 0.99`. A kwamfuta da `float` lafiya lau take aiki. A kan allo kuwa, idan na mayar da shigarwa sifili sai fitarwa ta sauko ta tsaya a kan 49, ta ƙi sauka. Idan na ƙara ƙarfin sigina kuma sai ta yi tsalle daga sama ta faɗa can ƙasa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina ganin 49 ɗin nan na gane ciwon, domin duk wanda ya sauko da filta daga `float` zuwa bit 16 sai ya sha wannan wahalar. Kada ka ɓata lokaci wajen zargin waya ko hayaniyar wuta, allonka ƙalau yake. Matsala biyu gare ka, amma uwarsu ɗaya, wato lambar nan `1/(1-|a|)`. A wajenka ta kai kusan 100.

Mu fara da maƙalewar. Bari in rage lissafin yadda za ka iya binsa da biro. Ɗauki `a = 7/8`, wato 0.875, ka riƙa ƙirga `y` da taki, taki ɗaya shi ne ƙimar bit na ƙarshe. Shigarwa sifili ce, `y` ta fara daga 10, kuma bayan kowane ninki ana kai sakamako zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa. 10 ta ba da 8.75, ta zama 9. 9 ta ba da 7.875, ta zama 8. Daga nan 7, sai 6, sai 5, sai 4. To a nan ake yin ta: 4 sau 0.875 shi ne 3.5, a kai shi sama, ya dawo 4. Gobe ma 4, jibi ma 4. Abin da ninkin ya rage bai wuce rabin taki ba, shi kuma cikewar nan ta mayar da shi, sai ka ce `a` ɗinka ta zama 1 cif.

Daga nan ƙa'idar ta fito. A kowane zagaye filta tana rage `(1-|a|)*|y|`. Muddin wannan bai wuce rabin taki ba, babu motsi. Saboda haka duk `y` da ke cikin `|y| <= 0.5/(1-|a|)` ta shiga mataccen yanki, lissafin da aka san Leland Jackson da shi tun 1969. Gwada da naka: 0.99 a `Q15` ita ce 32440, abin da ya rage zuwa 32768 shi ne 328. Rabi a raba da 328/32768 ya ba da 49.95. Ga 49 ɗinka nan, ba ƙari ba ragi. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin 49 cikin 32768 desibel 56 ne kacal ƙasa da cikar sikeli, alhali ka biya kuɗin bit 16.

Kai ma ka yi sa'a da `a` ɗinka tana sama da sifili, abin ya tsaya wuri ɗaya. Da `a = -7/8` ce, alamar juyawa take yi kowane samfur: 4 ta koma -3, ta koma 3, ta koma -3, haka har a kashe wuta. Wannan shi ne limit saikul na sosai, ƙara mai rabin mitar ɗaukar samfur, tana fita daga filtar da ba a ba ta komai ba. A na'urar sauti, lokacin da ya kamata a yi tsit ne take fitowa fili.

Yanzu wani zai ce maka ka cire 16384 da kake ƙarawa kafin `>> 15`, ka datse kawai. Don Allah kada ka karɓi wannan shawarar ido rufe. Abin da ke ƙona mini rai ke nan da masu raba misalan lamba ba tare da sun gwada su da lambobin ƙasa da sifili ba. Za su nuna maka hoto, sigina ya sauko daga sama ya kwanta a sifili sumul, ka ɗauka an gama. Ba a gama ba. Matsar da bit zuwa dama a kusan duk injinan da muke aiki da su ƙasa yake jan lamba kullum, ba wajen sifili ba. A misalinmu na 7/8, -7 ta ba da -6.125, a ja ta ƙasa ta koma -7. Ta maƙale. A filtarka kuwa za ta tsaya a kan -99, ninki biyu na abin da kake kuka da shi, kuma a gefe ɗaya kawai. Mutum zai kwana uku yana neman inda karkatar ta shigo, ya sake auna firikwensin, ya canza kafasito, ya zargi wanda ya zana allon, alhali layi ɗaya ne da wani ya rubuta bai gwada ba.

Datsewar da ke kashe zagayen ita ce wadda ke jan lamba wajen sifili daga kowane ɓangare, irin wadda rabawa da `/` ke yi a `C99`. Da ita girman `y` dole ya ragu a kowane zagaye, don haka idan shigarwa sifili ce sai ta mutu murus. Amma tana da kuɗinta: idan akwai shigarwa tsayayya, fitarwa za ta iya gaza inda ya kamata ta kai da kusan taki 100. Ni ba na son ta sai in babu wata hanya.

Sai tsallen, wanda shi ne mai haɗari. Ribar filtarka ga sigina tsayayye `1/(1-a)` ce, kusan 100. Ka ba ta 400 kawai, wanda bai kai kashi 2 cikin 100 na sikeli ba, sai ta nufi wajen 39,960, rijistarka kuma iyakarta 32767. A lissafin injin, 32767 a ƙara 1 yana komawa -32768. Mu gani da bit 8, iyaka -128 zuwa 127, `a = 7/8`, shigarwa 20 tsayayya. Inda filta ke son kaiwa shi ne 160. Tana hawa: 20, 38, 53, 66, 78, 88, 97, 105, 112, 118, 123. Na gaba 128 ne, babu gurbinsa, sai ya zama -128. Kuskuren bai tsaya a wannan samfur ɗin ba, domin -128 ita ce ake mayarwa ciki. Sai ta fara hawa daga can: -92, -60, -32, -8, 13, har ta kai 126, ta nemi 130, ta faɗa -126. Bayan kowane samfur 17 ko kusa da haka sai an sake. Shigarwa ba ta motsa ba, amma fitarwa ta zama haƙoran zarto mai cin sikelin gaba ɗaya. Ka yi tunanin wannan lambar ita ke juya injin lantarki: yana gudu gaba da cikakken ƙarfi, cikin samfur ɗaya a ce masa ya koma baya da cikakken ƙarfi. Ko lasifika ce, ƙarar da za ta yi ba ta da daɗin ji. Kuma ba ya bayyana a gwajin tebur da ƙaramin sigina, sai ranar da aka haɗa da abin gaske. Wannan ne ya sa nake jin tsoronsa fiye da maƙalewar nesa ba kusa ba.

Maganinsa hawa biyu ne, kuma duka biyun za ka yi. Na farko, rage shigarwa ta hanyar ninka ta da `b = 1-|a|`, wato 328 a `Q15` a wajenka. Jimillar girman martanin filtar ita ce `1/(1-|a|)`, don haka da wannan `b` babu siginar da za ta fitar da ita daga iyaka. Na biyu, ka tsayar da lamba a iyaka maimakon ta zagayo: abin da ya wuce 32767 ya tsaya a 32767. A kan ARM mai umarnin `SSAT`, `__SSAT(v, 16)` na yin wannan a umarni ɗaya. Ko da lissafi ya ce ba za a wuce ba, ka sa shi, domin wata rana wani zai taɓa `a` ya manta da `b`.

Sai dai ka lura da tarkon da ke nan. Da zarar ka ninka shigarwa da 328/32768, duk canjin da bai kai taki 50 ba filta ba za ta ji shi ba, mataccen yankin nan ne ya dawo ta ƙofar baya. Ka guje wa ambaliya ka faɗa maƙalewa. Abin da ke raba wannan gardama shi ne ka daina zubar da ragowar bit. Ka tara duka ninkin biyu a bit 32, ka datse sau ɗaya tak bayan an haɗa, ragowar kuma ka ajiye ta ka mayar a zagaye na gaba:

```c
int32_t acc = 32440 * (int32_t)y + 328 * (int32_t)x + err;
err = acc & 0x7FFF;
y   = (int16_t)__SSAT(acc >> 15, 16);
```

Ragowar tana taruwa kaɗan-kaɗan har ta cika taki guda ta tura `y` gaba, don haka daga sama ko daga ƙasa sai ta kai sifili. Jimillar ba ta wuce kusan 2 a ninka kanta sau 30 ba, `int32_t` ya ishe ta. Wannan siffar ta `a` mai kusa da +1 ce. Idan `a` tana kusa da -1, debe ragowar ake yi, ba ƙarawa ba. In kuma injinka na da halin ninkin da ke ba da bit 64, ka ajiye `y` ɗin kanta a bit 32, ka yanke zuwa 16 a bakin fita kawai. Ƙarin bit 16 na mayar da taki 50 ɗin nan ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na taki.

Ga abu ɗaya da zai kwantar maka da hankali, da ɗaya da zai tayar. A mataki ɗaya, idan ka cire shigarwa, ambaliya ba ta iya ci gaba da kanta, tunda `|a*y|` kullum ƙasa da `|y|` take. Ranar da ka koma mataki biyu labari ya canza. A can, tsalle ɗaya ya isa ya kunna girgiza mai cikakken sikeli da ba ta tsayawa ko an cire shigarwa, sai fa in `|a1| + |a2|` bai wuce 1 ba, filta mai kaifi kuwa tana wuce hakan. Ebert da Mazo da Taylor sun nuna a 1969 cewa tsayarwa a iyaka na hana wannan girgizar a siffar kai-tsaye mai mataki biyu.

Kafin ka sake ɗora wa allo, ka kwaikwayi lissafin a kwamfuta da `int16_t` da `int32_t` na gaske, ba `float` ba. Ka sa shigarwa sifili, ka fara `y` daga kowace ƙima cikin 65,536 ɗin, ka bar ta samfur dubu biyar, ka buga duk inda ba ta kai sifili ba. Sannan ka ba ta 32767 tsayayya, ka ba ta -32768, ka ba ta mai juyawa tsakaninsu kowane samfur, kana kallon ko alamar `y` za ta kife ba dalili. In ka ga wata lambar da ta maƙale, ka turo ta tare da layin da kake datsewa mu duba.