Bidiyon hawan salla na minti 10 ya fita jiga 3.7, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum yayyena. Na ɗauki hawan salla a ƙofar fada da wayata, na yi montaji a CapCut, minti 10 ne duka. Wajen fitarwa na ga su `Resolution`, `Frame rate` da `Bitrate`, ban san aikinsu ba, sai na kai kowanne ƙarshe: 4K da 60. Waya ta yi zafi, fayil ya fita jiga 3.7, da na tura wa yayana a WhatsApp kuma ya ce dawakin duk sun dagule. Me ya kamata in zaɓa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ƙoƙari, kuma kada ka goge montajin, fitarwar kawai za ka sake.

A cikin abubuwa ukun nan, biyu ba kai ne za ka zaɓe su yau ba. Ka riga ka zaɓe su tun ranar salla, lokacin da ka danna maɓallin ɗauka. Don haka kafin komai, buɗe ɗanyen bidiyon da waya ta ɗauka, wanda ba a taɓa ba, ka shiga bayanansa a galari ko ka sa manhajar MediaInfo. Za ka ga lambobi kamar `1920x1080` da `30 fps`. Yawancin wayoyi haka suke zuwa daga kamfani in mutum bai sauya ba, don haka zan yi maka lissafi a kan wannan. In ka ga taka daban ce, sai ka bi abin da ka gani.

Lambar farko ita ce rezolushan, wato yawan ɗigon da ke cikin hoto ɗaya. 1080 na nufin ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. 4K kuwa 3840 ne da 2160, ɗigo miliyan 8 da 'yan kai, ninki huɗu ke nan. To in waya ta ɗauko miliyan 2, ka ce wa manhaja ta ba ka miliyan 8, daga ina za ta samo sauran shidan? Miƙe hoton take yi, ta cike tsakanin ɗigo da ɗigo da kintace. Adon da ke jikin linzamin doki, in kyamara ba ta kama shi ba, babu 4K ɗin da zai fito da shi. Saukowa ƙasa halal ne, daga 1080 zuwa 720 misali, don rage nauyi. Hawa sama ne ba ya ƙara komai sai wahala.

Ta biyun ita ce yawan firem. Bidiyo hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri, 30 na nufin hoto 30 a daƙiƙa ɗaya. Da ka zaɓi 60, abin da manhaja ta yi shi ne nuna kowane hoto sau biyu. Motsin bai ƙara santsi ba ko kaɗan. Haɗa wannan da ninki huɗun 4K, ka ga ka ɗora wa wayarka aiki ninki takwas, shi ya sa ta yi zafi.

A nan akwai tarkon da na fi so ka kiyaye, domin ya fi na 60 ɓarna. Za ka ji masu kyamara a nan suna cewa mu a Nijar 25 muke amfani da shi. Gaskiya ne, talabijin ɗinmu a kan 25 take, kuma wutar lantarkinmu mai 50 Hz ce, shi ya sa in ka ɗauki biki da dare a 30 ƙarƙashin wasu fitilu za ka ga haske na kyaftawa ko wasu layuka na bin hoton. Amma wannan shawara ce ta lokacin ɗauka. In ka riga ka ɗauka a 30 sannan ka fitar a 25, dole manhaja ta zubar da hoto 5 a kowace daƙiƙa, ɗaya cikin kowane shida. A kan mutum zaune yana magana da wuya ka lura. A kan dokin da ke sukuwa daga hagu zuwa dama, ko lokacin da kake juya waya kana bin ayarin sarki, za ka ga hoton na ɗan tuntuɓe a kai a kai. Haka ma 24 da ake cewa ita ce ta fim. Abin da ka ɗauka a 30 ka fitar da shi a 30. In bayanan sun nuna maka 29.97 ko wata lamba kusa da ita, 30 ɗin ce dai.

Saura bitret, wanda a wayar da ke Faransanci za ka iya gani da sunan `Débit binaire`. Shi ne kaɗai zaɓin da ke hannunka da gaske, kuma shi ne ke yanke nauyin fayil. Ma'anarsa yawan bayanan da aka ware wa kowace daƙiƙa ta bidiyo, ana auna shi da `Mbps`, wato bit miliyan nawa a daƙiƙa ɗaya. Rezolushan girman faranti ne, bitret kuwa miyar da ka zuba. Ludayi ɗaya zai wadaci ƙaramin kwano, amma ka zuba shi a babban tire, wani gefen tuwon gaya za a ci. Shi ya sa 720 mai isasshen bitret ya fi 1080 mai ƙarancinsa kyan gani, nesa ba kusa ba.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ina so ka riƙe shi:

```
MB = Mbps × daƙiƙa ÷ 8
```

Takwas ɗin ta shigo ne don bit takwas ke yin bait ɗaya. Bitret da bit ake ƙirga shi, nauyin fayil kuma da bait. Minti 10 daƙiƙa 600 ne. In muka juya lissafin a kan fayil ɗinka na jiga 3.7, za ka ga an fitar da shi a wajen 50 Mbps, domin 50 sau 600 raba 8 ya ba da mega 3750. Ita kuwa wayar, a 1080 da 30, yawanci tsakanin 10 da 20 take ɗauka. Wato ka ware wa bidiyon fiye da ninki biyu na abin da ke cikinsa tun asali.

Yanzu nawa za ka sa? Ya danganta da inda bidiyon zai je. In YouTube ne, su da kansu sun ba da shawarar 8 Mbps ga 1080 mai firem 30, sannan 5 Mbps ga 720. A 8, minti 10 ɗinka zai zama mega 600. Dubi abin da wannan ke nufi ga forfenka: a ce rezo na ba ka 2 Mbps wajen ɗorawa, mega 600 zai ci minti 40, jiga 3.7 kuwa sama da awa 4, in ma bai yanke a hanya ba.

Sai dai ni a naka bidiyon ba zan tsaya a 8 ba, zan sa 10 zuwa 12, wato mega 750 zuwa 900. Dalili shi ne yadda ake matse bidiyo. Manhaja ba ta ajiye kowane hoto cikakke. Takan ajiye ɗaya cikakke, sannan a na bayansa ta rubuta abin da ya sauya kawai. In malami ne zaune gaban bango yana karatu, bakinsa da hannunsa kaɗai ke motsi, bangon na nan yadda yake, 4 ko 5 ma sun ishe shi. Hawan salla kuwa komai motsi yake: ƙafafun dawaki, rawuna, masu, taron jama'a, hannunka da ke rawa, ga ƙura ta tashi ta rufe rabin hoton. Ƙura da hayaƙi da ganyen bishiya cikin iska na daga cikin abubuwan da suka fi cin bitret. Na taɓa fitar da wani hawa a 6, ɓangaren da aka tsaya gaisuwa ya fito tas, kana iya ganin zaren aikin da ke wuyan babbar riga. Da aka sako dawaki sai ƙurar ta rikiɗe ta koma ƙananan murabba'ai, jar rigar dogari ta narke cikin ta kusa da shi, bayan daƙiƙa biyu da ƙura ta lafa hoton ya dawo daidai. Wannan ita ce alamar ƙarancin bitret: hoto mai kyau a tsaye, mai fashewa a motsi. In kuwa hoton dishi-dishi ne ko'ina, har inda babu motsi, to matsalar daga ɗauka ce ko daga rezolushan, ƙara bitret ba zai gyara ta ba.

Kada ka gwada da minti 10 gaba ɗaya. Yanki daƙiƙa 30 daga wurin da ya fi hargitsi, ka fitar a 8, ka sake fitarwa a 12, ka kalle su a babban allo in da hali. In ba ka ga bambanci ba, ɗauki ƙaramin. In manhajar ba ta ba ka gurbin rubuta lamba ba, sai matakai kawai na ƙasa da tsakiya da sama, fitar da yankin a kowanne ka duba nauyinsa: daƙiƙa 30 a 10 Mbps wajen mega 37 ne, da haka za ka gane matakin da ya fi kusa.

Maganar yayanka kuma, dagulewar da ya gani ba daga fitarwarka ta zo ba. In ka tura bidiyo a matsayin bidiyo, WhatsApp na sake matse shi, ya rage masa rezolushan da bitret, ko da 4K ka ba shi. Hanyar kauce wa wannan ita ce turawa ta `Document`, a nan fayil na isa yadda ka fitar da shi, amma iyakarsa jiga 2, kuma mai karɓa zai biya kowane mega da forfensa. Saboda haka yi wa 'yan uwa kwafi na daban: 720, firem 30, bitret 3 zuwa 4. A 3 zai zo mega 225, ka ƙara wajen mega 10 na sauti. A allon waya wannan ya wadatar, kuma mai saukewa a Mirriya ko Magariya ba zai yi maka Allah ya isa ba.

Wani abu da za ka gani kusa da su shi ne zaɓi tsakanin `H.264` da `HEVC`, wato hanyoyi biyu na matse bidiyo. Na biyun na ba da kyau iri ɗaya da ƙarancin nauyi, amma tsofaffin wayoyi da talabijin da yawa ba sa buɗe shi, wani lokaci sauti ya fito babu hoto. In za a sa bidiyon a kile a kai gidan baba a kalla a talabijin, zaɓi `H.264` cikin `MP4`. Ka kuma sani kilen da aka tsara da `FAT32` ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce jiga 4, komai yawan sararin da ya rage a cikinsa, naka na farko saura ƙiris ya kai can.

Kwafin 1080 mai 12 ɗin shi za ka ajiye a matsayin na asali, tare da ɗanyen bidiyon in kana da wuri. Duk ranar da ka buƙaci wani girma, koma cikin montajin ka fitar sabo. Kada ka ɗauki wanda ya bi ta WhatsApp ka sake shigar da shi manhaja, domin kowace matsewa na zubar da wani abu, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa.

Ka turo mana lambobin da ka gani a bayanan ɗanyen bidiyon, musamman in wasu sassan da wayar abokinka aka ɗauke su, don in ɗaya 30 ce ɗaya 25 akwai gyaran da za a yi tun a cikin montaji kafin a zo fitarwa.