Me ya sa tsallen ɗan wasana ke canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta?

Tambaya daga Aboabo, Kumasi: "Salamu alaikum Malam. Ina haɗa ƙaramin wasa da Unity. A laftof ɗina ɗan wasan yana haye katanga mai tsayin mita 2.4 lafiya lau, amma a tsohuwar kwamfutar abokina a Asawase sai ya bugi bakinta ya faɗo. Na ninka komai da `Time.deltaTime` kamar yadda aka koya mana. Ina matsalar take?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ninkawar da ka yi daidai ce, sai dai rabin ciwon take warkarwa. Tana wadatarwa idan abu na tafiya da gudun da ba ya canzawa: mita 5 a daƙiƙa mita 5 ne, ko ka raba daƙiƙar gida 30 ko gida 144. Shi kuwa tsalle, gudunsa raguwa yake yi a kowane lokaci saboda ƙasa na jan ɗan wasan. Ga irin abin da nake kyautata zaton ka rubuta a cikin `Update`:

```
vy -= g * Time.deltaTime;
y  += vy * Time.deltaTime;
```

Dubi layi na biyu da kyau. Yana ɗaukar gudun ƙarshen firem, wanda an riga an rage, ya yi lissafi kamar da shi ɗan wasan ya yi tafiyar firem ɗin gaba ɗaya. Alhali a farkon firem ya fi haka sauri. Don haka kowane firem yana tauye masa ɗan tsayi, kuma gwargwadon daɗewar firem, gwargwadon abin da ake tauyewa.

Mu sa lambobi. A ce yana tashi da gudun mita 10 a daƙiƙa, jan ƙasa kuma 20 (masu wasanni kan ɗara 9.8 na gaskiya don kada tsalle ya zama kamar shawagi). A takarda, ƙololuwar tsallen `v*v / (2*g)` ce, wato mita 2.5, kuma zai kai can cikin rabin daƙiƙa.

Yanzu ka ɗauki na'ura mai nauyin jiki da ke ba da firem 20 a daƙiƙa. Kowane firem daƙiƙa 0.05 ne, kuma gudun yana raguwa da 1 a kowanne. To firem na farko ba da 10 zai tafi ba, da 9 zai tafi. Na biyu da 8, na uku da 7, har zuwa sifili a na goma. Tara su ka sami 45, ka ninka da 0.05, sai ga mita 2.25. Santimita 25 sun salwanta ba tare da ka taɓa lambar ko ɗaya ba. Idan ka maimaita lissafin a firem 30 za ka sami 2.33, a firem 60 ka sami 2.42, a firem 144 kuma kusan 2.47. Katangarka na zaune a 2.4, tsakanin na 30 da na 60. Idan taka na ba da 60, ta abokinka 30, kai ka tsallake da ƙyar da santimita biyu, shi ya gaza da bakwai.

Giɓin yana da ƙa'ida mai sauƙi: rabin gudun tashi sau tsawon firem, `v * dt / 2`. Da ka juya layukan biyu, ka fara motsawa sannan ka rage gudu, kuskuren ne zai juya baya, tsohuwar kwamfutar ta riƙa yin tsallen da ya fi naka. Kuma ba sai ka je Asawase za ka gan shi ba. Ranar da aka ɗauke wuta laftof ya koma kan batir, ko ya yi zafi da tsakar rana ya rage ƙarfinsa, firem zai sauka, katangar da ka haye da safe ta gagare ka. Manyan kamfanoni ma sun sha wannan. A Quake III Arena na 1999, 'yan wasa sun gano cewa tsalle ya fi tashi a firem 125, shi ya sa suke sa `com_maxfps 125`. A can dalilin ya ɗan bambanta, gudun ake mayarwa cikakkiyar lamba a kowane firem, amma tushen ɗaya ne: an ɗaure lissafin motsi da saurin zane.

Kafin ka gyara, tabbatar. Sa `QualitySettings.vSyncCount = 0`, sannan `Application.targetFrameRate = 30`, yi tsalle, ka sa wasan ya rubuta mafi girman `y` da aka kai. Sake yi da 60. Idan bambancin 'yan santimita ne, abin da na bayyana ne. Idan kuwa tsallen ya ninka ko ya ragu da rabi, akwai inda ka manta ninkawa da lokaci kwata-kwata, ko inda ka ninka sau biyu. Fara nemo wannan.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne a raba motsi da zane. Zane ya yi gudun da na'ura za ta iya, amma motsi ya riƙa tafiya da taki mai tsawo ɗaya a ko'ina. Kamar asusu ne: kowane firem na zuba lokacin da ya ci, kai kuma ba ka cira sai 0.02 cif.

```
tara += Mathf.Min(Time.deltaTime, 0.25f);
while (tara >= 0.02f) {
    Motsa(0.02f);
    tara -= 0.02f;
}
```

A firem 30, firem na farko ya kawo 0.033, a yi taki ɗaya, saura 0.013. Na biyu ya cika shi 0.047, a yi taki biyu. A firem 144 kuwa sai an zana kusan uku kafin a yi taki ɗaya. Ko ta yaya, taki 50 ne a daƙiƙa, lissafi ɗaya, tsayi ɗaya. Iyakar 0.25 ɗin nan kariya ce: idan na'ura ta sandare na ɗan lokaci, kada bashin taki ya taru ya sa firem na gaba ya ƙara daɗewa, shi ma ya haifo wani bashin. A Unity ba sai ka rubuta wannan da hannunka ba, aikin `FixedUpdate` ke nan, kuma 0.02 yake zuwa da shi.

Sai dai ka lura, tsayayyen taki bai kawar da giɓin ba, ya dai daidaita shi ga kowa. A 0.02 tsallenka zai tsaya a 2.40, daidai bakin katangar, wurin da bai kamata ka bar shi ba. Ko ka ƙara gudun tashi, ko ka gyara lissafin kansa:

```
y  += vy * dt - 0.5f * g * dt * dt;
vy -= g * dt;
```

Wannan yana bin ainihin bakan tsallen muddin jan ƙasa bai canza ba, ya mayar maka da 2.5. Wasu kan sa shi a `Update` su ce an gama. Ni ban gamsu ba, domin karo da bango, santsin ƙasa da tsallen da ke ƙaruwa idan an riƙe maɓalli duk za su ci gaba da bin firem.

Abu biyu za su biyo bayan ƙaurar. Motsi zai iya yin ɗan karkarwa, tunda zane da taki ba sa faɗuwa lokaci ɗaya. Idan da `Rigidbody` kake aiki, mai da `Interpolate` ɗinsa daga `None` zuwa `Interpolate`. Na biyun ya fi cin rai: idan ka kai `Input.GetButtonDown` cikin `FixedUpdate`, a na'ura mai sauri dannawa za ta iya faɗawa a firem ɗin da ba a yi taki ba, tsallen ya ɓace. Karanta maɓallin a `Update`, ka ajiye shi a `bool`, sannan `FixedUpdate` ya yi tsallen ya mayar da shi `false`.